Fetur ko dizal: amsar tambayar Alhaji mai zirga-zirgar Bawku zuwa Salaga

 Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na direbobi, mun rubuta shi don waɗanda suke kan hanya lokacin da aka watsa.

Wani Alhaji ne ya kira mu. Sana'arsa kai albasa da gero kudu, ya dawo da doya. Hanyarsa ita ce ta gabas: daga Bawku ya bi Garu, ya hau dutsen Nakpanduri, ya wuce Gushegu da Yendi da Bimbila, sai Salaga. Yana so ya sayi motar a-kori-kura, kuma an nuna masa biyu, ɗaya mai fetur, ɗaya mai dizal, abin da 'yan'uwanmu na Burkina da Togo ke kira gazuwal. Ya ce tsoronsa mai ne, don a wannan hanya ba kullum mutum ke samun gidan man da ya yarda da shi ba. Wace zai ɗauka?

Mun gayyato wani tsohon fita, wanda ya koyi aiki a Suame Magazin ta Kumasi kuma ya daɗe yana gyaran famfon dizal. Na ce masa, "Baba, fetur ko dizal?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ka ce min inji biyu, ni kuwa uku na sani." A kan wannan magana shirin ya tsaya, kuma ni ma a nan na gane cewa tun farko tambayar ce muke yi a karkace.

Inji ukun su ne mai fetur, da tsohon dizal mai famfo na ƙarfe zalla, da sabon dizal wanda makanikai ke kira kwaman-rel. Biyun ƙarshe mai ɗaya suke sha, amma wajen jure mummunan mai, tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin fetur da dizal.

Dalilin yana wajen ƙarfin da ake tura mai da shi. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, a ma'aunin da ake kira bar, ba ta wuce 2 da ɗan wani abu ba. Injin fetur na yau da kullum yana tura mansa da bar 3 zuwa 4, wato kusa da iskar taya. Tsohon dizal, irin 1HZ na Land Cruiser ko 5L na tsofaffin Hilux da Hiace, bakin nozul ɗinsa yana buɗewa ne da bar ɗari da wani abu. Shi kuwa kwaman-rel, irin 2KD ko 2GD na Hilux ɗin baya-bayan nan, da akasarin Sprinter da ke ɗaukar fasinja yanzu, yana kaiwa bar 1,600 har sama da 2,000. Kafin ƙarfe ya riƙe irin wannan ƙarfi bai zubar ba, sai an ƙera shi manne da juna, ratar da ke tsakani ta fi silin gashi siranta sau da yawa. Ƙwayar ƙura da idonka ba ya gani, a cikin wannan rata dutse ce.

Akwai abu na biyu, wanda direbobi da yawa ba su sani ba. Famfon dizal da nozul ɗinsa ba baƙin mai ke sa musu santsi ba a yawancin ƙananan motoci. Dizal ɗin da kansa ne. Taɓa dizal da yatsu biyu ka murza, za ka ji maiƙo. Wannan maiƙon shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Duk abin da ya shiga tanki ya rage shi, ko ruwa ko kananzir ko fetur, to famfo ya fara gugar kansa. Injin fetur bai dogara da maiƙon mansa haka ba, don fetur dama busasshen mai ne.

To, me muke nufi da mummunan mai a yankinmu? Galibi ba daga matatar ƙasa ko babban rumbu yake lalacewa ba. Man arewa yana bin doguwar hanya, wani ta jirgin ruwa a tafkin Volta daga Akosombo zuwa Buipe, wani a tankokin mota, kafin ya iso rumbun Bolgatanga da gidajen mai. Ɓarnar ta fi faruwa a hannun ƙarshe: tankin ƙasa da ruwan damina ya shiga, duro mai tsatsa, galan Kufuor da aka ɗebi ruwa da shi jiya aka zuba mai yau, mazurari da ya kwana a ƙurar hunturu. Wannan sakaci ne. Sai kuma na ganganci, wato a haɗa kananzir, ko a haɗa fetur da man masunta da ake kira firimis, wanda gwamnati ke sa wa tallafi don injinan jiragen kamun kifi. Shi firimis an riga an gauraya shi da man inji, kuma ana sa masa launin shuɗi don a gane shi. Mai bin ɓangaren Salaga da Makango, kusa da tafki, ya kamata ya san kalarsa.

Ba ina zagin masu sayarwa a teburi ba ne, Allah ya sani. Da ba don su ba, da babura da motokin da yawa sun kwana a daji. Amma babur yana yafe abin da kwaman-rel ba ya yafewa.

Bari mu ɗauki ruwa tukuna, don shi ya fi yawa. Idan ya shiga tankin fetur, mota za ta fara tari, tana fizga, ta mutu a kan hanya. Abin haushi ne, amma maganinsa sananne: a sauke tanki, a zubar, a canja filta, wani lokaci a canja ɗan famfon da ke cikin tankin. Duk fitan da ke Gushegu ko Bimbila zai yi maka wannan ka ci gaba da tafiya a ranar. Idan ya shiga tsohon dizal, akwai kofin da ke ƙasan filta yana tare shi, tunda ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ka kwance ɗan murfin ƙasa ya zuba har ka ga tsantsar mai, ka ɗaure, ka matsa famfon hannu da ke saman filtar har ya yi tauri, ka tayar. Ko da ɗan ruwan ya wuce, tsohon famfo yakan haɗiye, ya yi farin hayaƙi, ya wuce. In ya lalace ma, ana buɗe shi a canja abin da ya ci, a gwada a kan injin gwaji.

Kwaman-rel ma yana da wannan kofin, har da fitila a dashbod da ke kamawa in ruwa ya taru. Matsalar ita ce in kofin ya cika direba bai tsaya ba. Ruwan da ya wuce yana wanke maiƙon famfo, yana sa tsatsa in mota ta kwana, sannan famfon ya fara zubar da garin ƙarfe. Garin nan yana bin mai zuwa nozul huɗu gaba ɗaya, ragowar ya koma tanki ta bututun dawowa, ya sake zagayowa. Shi ya sa in abin ya kai nan, canja abu ɗaya ba ya isa. Sai famfo, da nozul, da wanke bututu da tanki. Baba ya ce hanyar ganewa ita ce a yanka tsohuwar filta a buɗe takardar cikinta a rana. In ka ga tana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, kada ka sake tayar da motar, a ja ta.

Wajen haɗin kananzir kuwa labarin ya ɗan juya, kuma a nan ne mai fetur bai kamata ya yi alfahari ba. Kananzir a cikin fetur yana saukar da ƙarfin man na jure matsi, abin da ake aunawa da lambar da kuke gani a famfon gidan mai, 91 na talaka da 95 na mai tsada. Alamarsa ita ce ƙara in ka taka wuta a hawa, kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani. Da kaya a baya, a hawan Nakpanduri, nan za ka ji ta sosai. Injin zamani yana da na'urar da ke jin wannan ƙara ta ja da lokacin wuta baya, sai mota ta rasa ƙarfi ta ƙara shan mai, amma ta tsira. In aka daɗe ana haka, kananzir ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ka zaro sandar awo da safe: in ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, kuma yana warin kananzir, ka san abin da kake sha. Wannan ciwo ne mai cin inji a hankali, kuma yana ba ka gargaɗi tun da wuri.

A dizal, kananzir ba ya ƙara irin wannan. Mota za ta yi ta tafiya lafiya lau, har direba ya ce man nan mai kyau ne, alhali famfo na bushewa a ciki. Tsohon famfo yana ɗaukar wannan na tsawon lokaci. Sabon ba ya ɗauka. A ganina wannan shi ne mafi munin abin, don fetur yana kuka tun yana da sauran magani, kwaman-rel kuwa shiru yake yi sai ranar da ya kwanta.

Wani mai sauraro daga Sankasi ya turo saƙo cewa ai shekarun baya fetur ne ya riƙa kashe fulogi a Gana, ba dizal ba. Gaskiya ne. A ƙarshen 2023 masu motoci da yawa sun yi kukan fizga da mutuwar fulogi, kuma hukumar kula da man fetur ta ƙasa, NPA, ta danganta abin da yawan sinadarin manganis da ake sa wa fetur don ɗaga lambarsa. Alamarsa jan ƙasa-ƙasa a bakin fulogi, kamar tsatsa. Amma a lura da abu biyu. Motocin da suka fi shan wahala sababbin masu fetur ne, musamman masu tabo da ƙananan injina na zamani, don su ma sun fara zama masu zaɓen abinci kamar kwaman-rel. Na biyu, akasarin gyaran canjin fulogi ne. Fulogi huɗu suna shiga aljihun riga.

Game da farar wuta da ke cikin dizal, a taƙaice: kafin 2017 dokar Gana ta yarda da har kashi 3,000 cikin miliyan, sannan aka sauke zuwa 50, bayan rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016. ECOWAS ma ta amince da 50 ɗin a 2020, sai dai ƙasashe ba su aiwatar a lokaci ɗaya ba. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai motar da aka shigo da ita daga Turai, mai matatar hayaƙi a cikin salansa. Tsohon dizal ba ruwansa, illa a riƙa canja baƙin mai da wuri.

Yanzu mu koma kan Alhaji mu yi masa lissafi, don in muka tsaya a nan sai a ce fetur ya ci gasa, alhali ba a ji ta bakin dizal ba.

Mu ɗauka, don sauƙin lissafi, zuwa Salaga da dawowa kilomita 700 ne. Mu ce mai fetur, da kaya a baya, tana shan lita 13 a kowane kilomita 100, mai dizal kuma lita 10. Wannan misali ne, kowa ya auna tasa, amma bambancin kusan haka yake fitowa. To mai fetur za ta sha lita 91, mai dizal lita 70. Rarar lita 21 ke nan a kowace tafiya. In Alhaji yana tafiya sau huɗu a wata, lita 84 ne, a shekara kuma wajen lita 1,000. Tunda farashin fetur da dizal a Gana ba su da nisa da juna, ka ninka dubu da kuɗin lita na yau, ka ga sidi nawa ne. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albasa.

Amma abin da ya fi burge ni a lissafin ba kuɗin ba ne. Tankin irin wannan mota yana cin wajen lita 80. Mai dizal, in ta cika a gidan man da Alhaji ya sani a Bawku, za ta je Salaga ta dawo da saura kamar lita 10, ba ta sha man kowa a hanya ba. Mai fetur ba za ta iya ba, dole ta ƙara aƙalla sau ɗaya. Wato injin da ya fi tsoron mummunan mai shi ne kuma wanda ya fi iya guje masa. In ka ƙara da jarka ɗaya mai tsabta ta lita 20, ka sami kwanciyar hankali, kuma ɗaukar dizal a jarka cikin zafin watan Maris ya fi ɗaukar fetur aminci nesa ba kusa ba, don dizal ba ya kama wuta da tartsatsi kawai yadda tururin fetur ke yi. Ga kuma ƙarfin jan kaya a ƙaramar giya, wanda dizal ya fi, a hawa da cikin taɓo.

Sai na ce, "To Baba, ai kun mayar da mu inda muka fito." Ya ce a'a, saura tambaya ɗaya, kuma ba ga mai sayar da mota za a yi ta ba. Alhaji ya je wurin masu kayan gyara ya tambayi kuɗin nozul huɗu da babban famfo na wannan injin da aka nuna masa, na asali, ya haɗa da kuɗin aiki da kuɗin jan mota daga Gushegu zuwa Tamale, ya kuma sa kwanakin da albasa za ta yi a buhu cikin rana. Ya raba jimlar da kuɗin lita. In amsar ta kai dubu ko ta wuce, ya san cewa cika tanki ɗaya da mummunan mai zai cinye rarar shekara guda. Sannan ya tambayi kansa wa zai riƙa tuƙa motar. In shi ne, ko ɗansa da zai tsaya in fitilar ruwa ta kama, kwaman-rel ba abin gudu ba ne. In kuwa direban haya ne da ake ba kuɗin mai a hannu, kuma duk abin da ya rage nasa ne, to an riga an nuna masa hanyar galan mai araha.

Ra'ayina, bayan na saurari Baba da direbobin da suka kira, shi ne ga wannan hanya da wannan kaya, tsohon dizal mai lafiya ya fi dacewa, in an samu. Kalmar "mai lafiya" ce mai wuya, don waɗannan injina sun tsufa, kuma da yawa an sha buɗe su. A tayar da shi da sanyin safiya kafin mai shi ya ɗumama shi, a ga ko yana kamawa da bugu ɗaya, a buɗe murfin baƙin mai yana aiki a ga ko yana huci kamar tukunya. In ba a samu ba, mai fetur mara tabo, irin 2TR na Hilux da Hiace, shi ne na biyu: za ka biya a gidan mai kullum, amma ba zai yi maka asarar dare ɗaya ba, kuma ana gyara shi a ko'ina. Wannan kuma shi ne amsata ga mai ƙaramar mota da ba ya ɗaukar kaya, malami ko ma'aikacin asibiti da ke zuwa Yendi sau ɗaya a wata. Tafiyarsa ba ta kai ta biya masa haɗarin dizal ba.

Wata Hajiya ta kira daga Misiga ta ce su sun riga sun sayi kwaman-rel, yanzu sai yaya? Baba ya ce, "Hajiya, ba ku yi asara ba, amma ku ƙara mata filta." Ana ɗaura wata filtar mai kofin gilashi a gaban ta asali, don ta tare ruwa da manyan datti, kuma direba ya riƙa ganin abin da ke ciki da idonsa. A duba kofin kowace safiya a damina. A riƙe sabuwar filta ta asali a mota, a kuma canja ta kafin lokacin da littafin mota ya faɗa, don littafin bai san ƙurarmu ba. Alamar toshewarta ita ce mota ta yi daidai a shimfiɗaɗɗiyar hanya amma ta sare a hawa. Abin da ya ja kunne a kai da ƙarfi shi ne busa tsohuwar filta da iska a mayar, ko a cire ta a haɗa bututu kai tsaye don a ƙarasa gida. Filtar da ta toshe aikinta ta yi, dattin da ya kamata ya shiga famfo ne ta riƙe.

In tilas ta sa za ka sayi mai a galan, akwai gwaji biyu da ba sa cin ko pesuwa. Ka riƙe farar kwalba mai tsabta, ka sa a zuba maka kaɗan daga ƙasan galan ɗin bayan an girgiza, ka ajiye minti biyar. Ruwa zai kwanta a ƙasa da layinsa a fili, datti ma haka, kuma dizal mai hazo-hazo kamar kunun da aka tsinka yana ɗauke da ruwa ko da bai kwanta ba. Na biyu na fetur ne: ɗiga a farar takarda ka jira. Tsantsar fetur zai bushe ya tafi, in kuwa ya bar tabon maiƙo, akwai kananzir ko firimis ko dizal a ciki. Iyakar gwajin ke nan. Kwalba ba ta nuna kananzir a cikin dizal, sai dai hanci da murzawar yatsa, su ma sai haɗin ya yi yawa.

A gidan mai kuma, in ka tarar da tanka tana sauke kaya, ka wuce ko ka jira, don lokacin ne abin da ya kwanta a ƙasan tankinsu ke tashi. Ka karɓi rasit, da shi za ka iya kai ƙara wurin NPA in mota ta lalace bayan ka sha. In kuma yaron famfo ya yi kuskure ya zuba maka fetur a motar dizal, kada ka ko murɗa makulli, don a wasu motocin murɗawar kaɗai tana tura man cikin bututu. A tura ta gefe da hannu a zuƙe tankin.

Alhaji ya sake kira kafin mu rufe. Ya ce ya duba takardar motar dizal ɗin da aka nuna masa, an rubuta 2KD, kuma ƙanen matarsa ne zai riƙa tuƙawa. Baba ya ce ya kawo ta gareji ranar kasuwa, da filtar da ke jikinta, a yanka a gani kafin ya biya ko sidi ɗaya.